Lamba Tana Shiga, Suna Ya Ƙi

A ɗakina na Kazaure, bayan ƙofa, akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba ta da allo ba ta da linzami, sai fanka mai ƙara kamar ta injin markaɗe. Ita ce sabar gidanmu, wato kwamfutar da ake ajiye abu a cikinta mutane su riƙa shiga daga nesa. Ni na haɗa ta da hannuna, na ja mata wuta daga sola, na kuma zuba mata abu mafi daraja da danginmu suka mallaka: muryar kakanmu. Kaset-kaset ne na karatun da yake yi wa mutane a tsakar gidansa na Roni, da hirarrakinsa, har da tarinsa da faɗan da yake yi wa awaki idan sun shigo ana karatu. Na yi hutun makaranta guda ina juye su cikin na'ura. Ni malamin kwamfuta ne a sakandare, kuma a lokacin ina ji da kaina fiye da kima.

Baffa, yayan mahaifina, shi ne babba tun da mahaifina da kakan suka rasu. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ya fara da buga tafireta ya ƙare da ofis mai labule. Shi ya kafa doka cewa ba za a tura wa kowa muryar a waya ba, don kada wata rana a ji mahaifinsu yana yawo a zaurukan sada zumunta an ɗora masa kiɗa. Mai son ji ya shiga sabar ya saurara, ya fita ya bar ta a nan. Ban yi musu ba, don dokar ta ƙara wa kwamfutata girma.

Sai dai shiga daga nesa yana da sharaɗi. Kowane gida da ke kan intanet yana da lambar adireshi, jerin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kuma kamfanin da ke ba ni intanet yana da ikon canza tawa duk ranar da ya ga dama. Don haka na yi rajistar suna a wani shafi da ke wannan aiki. Shi shafin yana riƙe da suna da lambar da ke gabansa. Idan ka rubuta sunan, wayarka za ta tambaya wace lamba ce, a faɗa mata, ta nufo ɗakina. Rautar gidana kuma, akwatin nan mai ƙahonni da ke raba intanet, na koya mata cewa duk lokacin da lambar ta canza ta shiga shafin da kalmar sirri ta ba da sabuwa.

A nan na yi kuskuren da sai ɗan gidanmu zai yi shi. A wurinmu ba a rubuta sunan yaro a kan abin dangi alhali babba yana raye. Takardar gona, katin ɗaurin aure, ko buhun gero aka aiko, sunan Baffa ne a jiki. Saboda haka da na zo rajista, na sa imel ɗin Baffa. Na rubuta masa kalmar sirrin a bayan littafinsa na ajiye lambobi, na durƙusa na miƙa masa. Ya sa min albarka. Aka buga sunan a kalandar dangi ta shekarar, ƙarƙashin hoton kakan, na bi gida gida ina sa wa mutane shi a waya.

Cikin duk masu shiga, babu kamar Gwaggo. Ƙanwar Baffa ce uwa ɗaya uba ɗaya, tsohuwar ungozoma a asibiti, tana zaune a Babura. Kullum bayan ta karya kumallo sai ta sa tabarau, ta danna, ta saurari mahaifinta na rabin awa. Ina gani a rajistar sabar, ba ta fashi ko ranar Sallah. Ita da Baffa kuwa shekara biyu ba su yi magana ba, tun da ya sare tsamiyar da kakan yake karatu a ƙarƙashinta bai gaya mata ba. Shi ya ce saiwarta tana fasa katanga. Ita ta ce katangar ce ta tarar da tsamiyar. Tun daga nan ya zama "mutumin Roni" a bakinta, ita kuma ta zama "ta Babura".

Wata Laraba da damina kamfani ya yi aikinsa, intanet ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Ban kawo komai a raina ba, don a cikin gida ina shiga sabar ta gajeriyar hanya, ba na bi ta sunan. Kwana uku ina harkata ban san an yi ɓari ba.

Gwaggo ba ta kira ni ba. Ba haka ake ƙorafi a gidanmu ba. Ta gaya wa wata 'yar ɗakinta da ta auri mutumin Gwiwa, ita kuma ta haɗu da mahaifiyata a wajen suna, mahaifiyata ta dawo ta zauna a bakin gadona ko mayafi ba ta cire ba.

"Kai da Baffanka kun kyauta," ta ce.

"Umma, me muka yi?"

"An ce ya sa ka cire gwaggonka daga na'ura. Kwana uku tana dannawa, abu yana ta juyawa ba ya buɗewa. Ta ce ya sare itacen uban bai ishe shi ba, yanzu muryar ma ya raba ta da ita. Ta ce taron dangi na bayan Sallah kada a sa mata tabarma."

Na san Gwaggo: idan ta ce ba ta zuwa, 'ya'yanta da jikokinta ba mai zuwa, kuma wannan karon ba za a sake haɗuwa ba.

Na kashe wayafai, wato intanet ɗin gida, a wayata, na kunna data don in zama kamar baƙo daga waje. Na rubuta sunan. Ya yi ta juyawa, ya ce ba a samu ba. Na buɗe shafin rauta, na ga lambar da kamfani ya ba ni yanzu, na rubuta ta tsirara. Nan take sabar ta amsa. Wato kwamfuta lafiyarta ƙalau, ƙofa a buɗe, wuta akwai. Na tambayi intanet wace lamba sunan yake nunawa, sai ga tsohuwar lambata ta kafin Laraba. Duk wanda ya rubuta sunan ana raka shi ne gidan da muka tashi.

To me ya hana rauta kai labari? Na buɗe rajistarta, na ga layi ɗaya yana maimaita kansa: an ƙi kalmar sirri. Na yi ta jan shafi sama, har na kai wata huɗu baya. Wata huɗu tana zuwa tana sallama ana korar ta, ba wanda ya sani, domin lambar ba ta canza ba balle asiri ya tonu. Wani ya canza kalmar sirrin shafin suna, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake da ita ban da ni.

Na fara gwada hanya mai sauƙi. Na kira Gwaggo, na gaishe ta, ta amsa kamar ana cire mata haƙori. Na yi mata bayani, na karanto mata lambar, ta rubuta. Ta danna.

"Kai, ɗan nan. Jan rubutu ne ya fito. An ce wurin nan ba amintacce ba ne."

Na manta da wannan. Takardar shaidar tsaro ta sabar da sunan aka yi ta, don haka idan ka zo ta lamba sai waya ta yi gargaɗi.

"Gwaggo, ba komai, ki danna ƙasa inda aka ce a ci gaba."

"Ba zan danna ba. Gidan ubana ne za a ce min ba amintacce ba? Kowa yana shiga ta ƙofar zaure da suna, ni a ce in haura ta katanga da lamba kamar 'yar fursuna?"

"Ai kowa ma ya kasa shiga, ba ke kaɗai ba ce."

"Haka zai ce ka ce."

Ta kashe. Gaskiya ko ta yarda ma, gyaran na kwana kaɗan ne, don lambar za ta sake canzawa. Na yi tunanin buɗe sabon suna da imel ɗina, aikin minti biyar. Amma tsohon yana jikin kalanda a bangon kowane gida, kuma in na ce wa Gwaggo an canza suna, na tabbatar mata da zarginta ke nan. Ba makawa sai Roni.

Washegari na hau babur da hantsi, kwamfutar cinya a jaka, ina tsara magana a hanya. Matsalar ita ce ba a cewa Baffa ya yi kuskure. Ana dai cewa an samu kuskure, sai a bar shi ya gano inda aka same shi. Na tarar da shi a zaure yana sauraron rediyo. Muka gaisa, muka tambayi damina, muka yi maganar takin zamani, sannan na gyara zama.

"Baffa, na'urar nan ce take ɗan ba da wahala. Kamar an taɓa kalmar sirrinta."

"Ni na canza," ya ce, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. "A taronmu na 'yan fansho aka kawo wani ya yi mana lacca a kan 'yan damfara. Ya ce kowa ya canza. Na dawo na buɗe littafina, na zauna gaban kwamfutata na bi su ɗaya bayan ɗaya, har da naka. Ka ga ko kai da kake malamin abin ba ka tuna min ba."

"Allah ya ƙara basira, Baffa. To da za a taimaka min da sabuwar, sai in sa wa rauta."

Murmushin ya ɗauke.

"Mutumin ya ce ko uwarka ce ta tambaya kada ka bayar. Ya ce yawanci ma na jiki ne suke cutar mutum."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ni da na ƙirƙiri asusun, ni da na rubuta masa kalmar farko da birona, yau ni ne na jiki. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Na buɗe kwamfuta na tura masa gabansa, na ce ya buga da hannunsa, ni zan juya baya. Wannan ya yi masa daɗi. Na fuskanci bango ina jin yatsunsa suna dukan madannai da ƙarfin tafireta. Ya buga, aka ƙi. Ya sake, aka ƙi. A na uku ya ce kwamfutata ce ba ta da kyau.

"Baffa, ko an rubuta ta a wani wuri?"

"Na rubuta su duka a takarda. Daga baya na tuna mutumin ya ce kada a rubuta, sai na ƙona ta."

Na ce ba komai, akwai wurin da ake dannawa idan an manta, za su aiko da saƙo ta imel. Ya miƙo wayarsa. Imel ɗin a rufe yake, yana neman a sake shiga tun ranar da ya canza masa kalma a kwamfuta. Wata huɗu yana ganin saƙon yana share shi, a cewarsa ba mai rubuto masa wasiƙa sai masu talla. Kalmar imel ɗin kuwa tana cikin takardar da ta ci wuta, kwamfutarsa ma ya hana ta ajiye komai, bisa shawarar mai lacca. Na yi wa mutumin nan addu'o'i a zuciyata waɗanda ba zan rubuta su a nan ba.

Saura hanya ɗaya. Na danna an manta a imel ɗin ma, sai ya ce zai aika lambar tabbatarwa zuwa wayar da aka ajiye don irin wannan rana. Ya nuna lambobi biyu na ƙarshe. Ba na Baffa ba ne, ba nawa ba ne, ba na matarsa ko 'ya'yansa ba. Na san lambobin nan, don jiya na kira su aka kashe min.

Na ɗago na dube shi. Ya mai da hankali kan rediyo yana murɗa ta, alhali tashar ba ta gushe ba.

"Baffa, wannan kamar layin Babura ne."

"Mutumin ya ce a sa lambar wanda ka tabbata ba zai cuce ka ba," ya ce, bai kalle ni ba. "Kuma ita ba ta canza layi. Shi ke nan dalili. Kada ka ƙara masa gishiri."

Wata huɗu da suka wuce, ana tsakiyar gaba, mutumin da ba ya iya furta sunanta ya zauna shi kaɗai ya buga lambarta da ka. Na sunkuya, na yi kamar ina gyara igiyar caja.

Na ce zan kira ta in karɓo. Na danna aikawa, na kira, na sa a lasifika.

"Na ga saƙo ya shigo," Gwaggo ta ce. "A ƙasansa an rubuta kada a ba kowa. Na wane ne?"

"Na imel ɗin Baffa ne."

"To mai abu ba shi da baki ne?"

Na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu. Baffa ya dube ta kamar an ajiye masa kunama. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

"Kin sani."

"Ina kwana, Yaya."

Daga nan aka shiga gaisuwa, kuma gaisuwar shekara biyu ba ta da gajeriyar hanya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar da ke ciwo, ya damina a wajenku, ruwa ya sauka sosai kuwa, ya haƙurin wance da ta rasu bara, ya mai jiki, an ce ɗiyarki ta sauka, me aka samu. Kowa yana yi da murya a daskare, amma ba wanda ya yarda a ce shi ya fara yankewa. Ina nuna wa Baffa agogo, yana kore hannuna kamar ƙuda. Lambar nan 'yan mintoci take yi ta mutu. Da aka zo kanta, Gwaggo ta tafi neman tabarau, ta dawo ta karanto a hankali, na buga, aka ce ta daina aiki.

Na sake aikawa. Wannan karon tsamiya ce ta cinye lokacin. Ta ce ko reshe ɗaya bai aiko mata ba. Ya ce turmin da aka sassaƙa da gindinta yana nan a ɗaki, ya hana kowa daka a ciki, nata ne, ba ta zo ta ɗauka ba. Ta ce ina za ta sani tunda ba a gaya mata ba. Ya ce ina zai gaya mata tunda ba ta ɗaukar waya. Ta ce yaushe ya kira. Lamba ta biyu ta bi ta farko.

Na tattara duk ladabin da aka koya min na ce, "Baffa, Gwaggo, don girman Allah, idan muka yawaita za su rufe mu sai gobe. A ba ni lamba shida kawai, sannan a ci gaba."

"Ji min yaro," Gwaggo ta ce. "Manya suna magana."

"Haka yake tun yana ƙarami," Baffa ya ce.

Abu na farko ke nan da suka yarda a kansa cikin shekara biyu, kuma ni ne abin. Na haƙura, tunda ta karanto lambar.

Imel ya buɗe. Na sake kalmar shafin suna, na shiga. Shafin ya so ya cika min lambar inda nake zaune a Roni, na goge ta na buga ta gidana da hannu, na adana. Sabuwar kalmar kuwa na haddace ta a gabansa ban nemi izini ba, don da na koma Kazaure sai na sa wa rauta, in ba haka ba ranar da kamfani ya sake motsi mu koma gidan jiya. Na jira minti biyu, na rubuta sunan a kwamfuta, ya buɗe. Na ce wa Gwaggo ta rufe shafin ta sake buɗewa da suna, yadda ta saba.

"Ba sai na kashe kiran ba?"

"Ki bar shi," Baffa ya ce da sauri. "Ki yi da wayar surukarki mana, ai an sa mata."

Muka ji tana kira, muka ji takun silifa. Can sai murya ta taso daga Babura, ta biyo layi ta fito ta 'yar lasifikar wayata a zauren gidan da aka ɗauke ta shekaru da yawa da suka wuce. Kakan ne yana bismilla. Ya karanta layi biyu, ya tsaya, ya ce wa wani ya kore akuyar nan kafin ta cinye masa takarda.

"Da kai yake," Gwaggo ta ce wa Baffa. "Kai ne kullum kake barin ƙofa a buɗe."

Baffa ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Sannan ya jawo wayata kusa da gwiwarsa.

"Shiga ciki ka ce su ba ka abinci," ya ce min. "Wayar ka bar ta a nan."

Na shiga, na ci tuwo, na yi sallar Azahar, na ɗan kishingiɗa. Da na fito zan wuce ta zaure na ji yana cewa ranar Asabar zai sa turmin a mota ya kawo mata da kansa, ita kuma tana cewa ya taho da wuri kafin rana ta yi, kuma kada ya ci komai a hanya.